Takarda ta maƙale can cikin firinta, kuma na riga na yage rabinta

*Assalamu alaikum, Malam. Ina tsare wa kawuna shagonsa na buga takardu da hoto-kwafi a kusa da wata makaranta a Zariya. Jiya ina cikin buga wa wani ɗalibi aikinsa da ƙaramar firintarmu mai tona, baƙi da fari, sai aka ɗauke wuta, takarda ta tsaya a tsakiya. Na ja ta ta sama inda take fitowa, sai ta yage, kusan rabi ya biyo hannuna, sauran ban ma gan shi ba. Da aka kawo wuta na kunna sau da yawa, fitila mai ruwan lemo ce kawai ke ƙiftawa. Maƙwabcinmu ya ce in sa sukundireba ko reza in zaƙulo ta. Kawu ya yi tafiya sai jibi, kuma ina tsoron ya dawo ya tarar na ɓata masa inji. Yaya zan yi?*

*Ƙanwarka daga Zariya*

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki mayar wa maƙwabci da sukundirebansa, ki yi masa godiya, rezar kuma a bar ta wa fensir. Sannan ki daina kunna injin. Ki kashe shi, ki zare wayarsa daga soket, kada ki tsaya ga maɓallin jikinsa kawai. Duk lokacin da kika kunna, injin yana juya rololinsa na ɗan lokaci don ya gwada kansa, kuma takardar da bakinta ya yage ba ta da miƙaƙƙen baki da zai bi hanya. Tana iya lanƙwashewa ta naɗe jikin rolar zafi, daga nan kuma aikin ya fi ƙarfin hannunki. Yanzu dai, a yadda na fahimta, babu abin da ya lalace tukuna.

Kafin ki taɓa komai, ya kamata ki san hanyar da takarda ke bi a ciki, domin da wannan ne za ki gane inda sauran take. Daga tire, wata rola mai roba ce ke ɗaukar takarda ɗaya ta tura ta ciki. Sai ta ratsa ƙarƙashin katirij, wato akwatin da ke ɗauke da garin tona, tsakanin duram ɗin da ke jikinsa da wata baƙar rola mai laushi irin na soso, a nan ne garin tona ke sauka a kanta. A wannan lokacin rubutun gari ne kawai a kwance, in kika shafa zai goge. Daga nan sai ta shiga fiyuza, wurin da ake gasa garin ya kama takarda. Fiyuza rola biyu ce a matse da juna, kamar injin murza taliya: ta ɗaya gefen mai zafi ce, zafinta kan kai digiri 180 zuwa 200, ɗayar kuma ta roba ce mai dannawa. Bayan nan sai ƙananan rololin fita su miƙo ta sama.

A duk hanyar nan fiyuza ce kaɗai ke riƙe takarda da ƙarfin da ya fi ƙarfin takardar. Shi ya sa ta yage a hannunki. Wuta ta tafi, giyoyin sun tsaya cak, fiyuza na riƙe da tsakiyar takardar, ke kuma kina ja daga sama, sai takarda ta rabu a daidai wurin da aka riƙe ta ko kaɗan bayansa. Saboda haka aikinki yanzu shi ne ki sa wannan riƙon ya saki, ko ya yi sauƙi, kafin ki sake jan komai.

Ɗauko guntun da ke hannunki, ina fata ba ki jefar ba. Ki ɗora shi a kan sabuwar takarda A4, wadda tsawonta milimita 297 ne, wato kusan santimita 30. Abin da ya rage a fili shi ne girman abin da ke cikin injin, har da siffar bakinsa. In rabi ne a hannunki, to akwai kusan santimita 15 a ciki. 'Yan santimita kaɗan ne daga ciki ke cikin bakin fiyuza, sauran yana kwance a bayanta, a ƙarƙashin katirij, inda ba za ki gan shi ba muddin katirij na zaune. Wannan labari ne mai daɗi, don yana nufin kina da wutsiya doguwa da za ki kama da hannu biyu. Ki ajiye guntun, zai sake yi miki amfani a ƙarshe.

Tunda kin kunna injin, fiyuza ta sake ɗaukar zafi. Ki buɗe murfi ki ba ta minti 20 zuwa 30. Na san akwai ɗalibi a tsaye yana duba agogo, amma ki tura shi shagon gaba. Ƙunar yatsa ɗaya ce daga cikin dalilan. Ɗayan kuma shi ne tona mai zafi yana da danƙo, yana manne takarda da jikin rolar, kuma rigar da ke kan rolar zafin ta fi saurin rauni lokacin da take da zafi.

Idan ta huce, ki ciro katirij ta hannunsa, ki ɗaga shi a miƙe yadda ya shiga. Ki shimfiɗa tsohuwar jarida a kan tebur ki ajiye shi, ki rufe shi da wata takardar ko ki sa shi cikin aljihun tebur. Duram ɗin, wato doguwar rolar nan mai sheƙi, kore ko shuɗi, haske yana ɓata ta, musamman hasken rana da ke shigowa ta ƙofar shago. Kada kuma yatsa ya taɓa ta. Ki cire zobe da awarwaro da agogo, ki tattara gefen mayafinki kada ya shiga ciki. Ki zare duk takardun da ke tire, sannan ki haska cikin injin da tocilar waya.

Za ki ga farar takardar kwance, ta nufi sama ko baya ta shige wani ɗan tsagi. Tsagin nan shi ne bakin fiyuza. A ƙasan takardar akwai baƙar rolar soson da na faɗa. Ita ma a bar ta, maiƙon hannu yana sa ta riƙa fitar da rubutu dishi-dishi, farce kuma yana yi mata rami.

Yanzu ki zagaya bayan injin ki duba ko yana da ƙofar baya. Manyan na ofis suna da ita, ƙananan da ake yawan samu a shaguna irin naku kuwa da yawansu ba su da ita, kuma hanyar cirewa ta danganta da wannan.

In akwai ƙofar, ki buɗe. A wasu injinan buɗewar kaɗai tana sassauta matsin fiyuza. A wasu za ki ga 'yan hannaye biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, galibi kore ko shuɗi. Masu ƙera injin ne suka ba su launi don a san wurin da aka yarda hannu ya taɓa. Ki danna su ko ki ɗaga su, duka biyun, yadda kibiyar jikinsu ta nuna. In kika saki gefe ɗaya kawai, takardar za ta karkace ta sake yagewa. Da zarar matsin ya saki, za ki ji takardar ta yi sako-sako. Idan yagaggen bakin ya leƙo ta baya har za ki iya kama shi da yatsun hannu biyu, ki ja ta nan, domin nan ce hanyar da take tafiya tun farko, kuma komai na cikin injin an yi shi ne ya ba da hanya ta wannan fuskar.

In babu ƙofa, ko kuma abin da ya leƙo bai kai a kama ba, to ta wurin katirij za ki fitar da ita, wato ki dawo da ita baya. Za ki ji mutane na cewa ba a taɓa jan takarda baya. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Abin da ake gudu shi ne wasu ƙananan harsuna na roba da ke kan hanyar, waɗanda takarda ke turewa in ta zo wucewa, da su ne injin ke sanin inda take, su ake ce wa harsunan sensa. Suna kwantawa ta gaba cikin sauƙi, amma in aka fizgi takarda ta baya, musamman mai yagaggen baki ko wadda ta cukurkuɗe, tana iya sarƙe harshen ta karya shi ko ta fitar da sifirin ɗinsa. Harshe ɗaya ya karye, injin zai yi ta cewa akwai takarda a ciki ko da babu ko ƙura. To amma idan mafi yawan takardar bai shiga fiyuza ba, dawo da ita baya a hankali shi ne daidai, har ma yana da riba: garin tonan da bai gasu ba ba zai bi ta cikin fiyuza ya ɓata ta ba.

Yadda za ki ja shi ne ainihin aikin. Ki fara zaro wutsiyar takardar daga inda take, ta ɓangaren tire, ki ɗago ta cikin ramin katirij don ki samu abin kamawa. Wannan ɓangaren ba ya da riƙo mai ƙarfi. Sai ki kama gefe da gefe da hannu biyu, ki matsar da yatsunki kusa da bakin fiyuza gwargwadon iko, ba can ƙarshen wutsiya ba. Takarda tana da ƙarfi sosai in an ja faɗinta gaba ɗaya a miƙe, amma in aka ja ta kusurwa ɗaya, duk nauyin yana taruwa a wuri ɗaya sai ta tsage. Ki ja a kwance, daidai da yadda ta shiga tsagin, kada ki ɗaga ta sama ta goga da bakin roba ko ƙarfe. Ja ɗaya mai ɗorewa ake so, mai ƙaruwa sannu a hankali, har ki ji rolar ta fara juyawa tana sakin takardar. Ta fito santimita biyu ko uku, ki tsaya, ki sake matsar da yatsu kusa da bakin, ki ci gaba. Aikin santimita biyar zai iya cin minti biyu, babu laifi.

Kunnenki da yatsunki su ne za su gaya miki lokacin tsayawa. In kika ji takardar ta fara ƙara irin ta yagewa, ko gefe ɗaya yana tahowa ɗayan ya tsaya, ki saki nan take, ki gyara kamu, ki ba gefen da ya tsaya ɗan ƙarfi har su daidaita. In kika ji wani abu ya sarƙe ta a tsakiya, ki haska ki duba, wataƙila harshen sensa ne ya shiga cikin yagar. Ki kwantar da shi da yatsa ɗaya, ki wuce da takardar ta kansa.

Hannunki zai yi baƙi, don rubutun da ke wannan rabin gari ne. Ki wanke da ruwan sanyi da sabulu. In ya taɓa tufafi, ki kaɗe shi tukuna, sannan ki wanke da ruwan sanyi. Ruwan zafi ko guga zai narkar da shi ya zauna daram a jikin yadi. Garin da ya zube cikin injin kuma ki ɗauke shi da busasshen ƙyalle marar gashi, kada ki hura da baki.

Bari in faɗa miki dalilin da ya sa na hana ƙarfe tun a layin farko. A yawancin ƙananan firintocin nan, rolar zafin ba dunƙulen ƙarfe ba ce. Siririyar riga ce, masu gyara na ce mata fim, wadda ke juyawa a kan wani ɗan sandan tangaran mai ɗaukar zafi. Kaurin rigar bai wuce na takarda ba, kuma an shafe ta da abin da ke hana tona kamawa. Bakin sukundireba ya ɗan goge ta sau ɗaya, abin da aka shafa mata ya kwaye, daga ranar duk takardar da kika buga za ta fito da tabo yana maimaita kansa daga sama har ƙasa. In ya huda ta, za ta ci gaba da tsagewa tana juyawa har ta tattare gefe guda. Sandan tangaran ɗin kuma yana fashewa in an danne shi. Takardar da ta maƙale ba ta da tsada ko kaɗan, amma wannan gyaran sai an kwance injin an sayo kaya.

Da takardar ta fito, ki haɗa ta da guntun farko a kan sabuwar A4 ɗin nan. In sun cike ta tsaf, kin gama da wannan. In akwai giɓi, ko da girman farce ne, yana ciki, kuma sai an nemo shi, domin ɗan guntu irin wannan ne ke tokare harshen sensa, ko ya tare bakin takarda ta gaba ta tattare ta yi ninki-ninki. Ki haska bakin fiyuza ta ciki, da wurin fita ta sama. In kin hango shi kuma yatsa ya kai, shi ke nan. In yatsa bai kai ba, hantsaki na roba ya halatta, da sharaɗin takardar kawai zai kama, ba zai taɓa rola ba. Akwai kuma dabarar kwali: ki yanko kati mai ɗan kauri, irin wanda kuke buga katin gayyata ko bangon aikin ɗalibai da shi, faɗin yatsu uku ko huɗu, ki zagaye kusurwoyinsa da almakashi, ki tura shi a hankali ta hanyar da takarda ke bi, injin yana kashe, ya turo guntun waje. Ya tokare, ki janye. Kada ki tilasta shi cikin bakin fiyuzar da matsinta bai saki ba.

Akwai inda zan ce ki tsaya ki kira mai gyara, kuma babu abin kunya a ciki. Idan kin haska kin ga takardar ta zagaye rolar, babu baki babu wutsiya, fari kawai kike gani a jikinta, ta naɗe ke nan. Idan kin ja da ƙarfin da ya dace ta ƙi motsi ko kaɗan, haka nan. Idan kuma kin ga wani baƙi ko toka-tokan abu mai santsi ya leƙo tare da takardar, fim ɗin ne ya riga ya tsage, kada ki ja shi. Duk waɗannan sai an ciro fiyuza waje, kuma a ƙananan injina hakan na nufin kwance murfin gefe da zare wayoyin da ke ɗauke da wuta mai ƙarfi.

In komai ya fito, kafin ki mayar da katirij ki taɓa harsunan sensa da kika gani da ɗan yatsa. Kowanne ya kamata ya kwanta, ya kuma tashi da kansa da kin saki. Wanda ya kwanta ya ƙi tashi, ko dai akwai guntu a gindinsa ko sifirin ya fita. Ki mayar da hannayen fiyuza yadda suke, wannan ana yawan mantawa, kuma in aka manta rubutu zai fito yana gogewa a hannu. Ki zura katirij har ya zauna, ki rufe kowace ƙofa har ki ji ta kama, ki sa takarda kamar 20 a tire, sannan ki haɗa wuta. In fitilar ta ci gaba da ƙiftawa, ko kwamfuta ta nuna Paper Jam, ki buɗe murfin katirij ki sake rufewa sau ɗaya, don injina da yawa sai sun ga an yi haka suke yarda an cire takardar. Ta ƙi bayan wannan, to sensa ce, ki koma ki duba.

Kada aikin ɗalibi ya zama gwajin farko. Ki buga shafi uku ko huɗu marasa rubutu sosai. Na farko da na biyu suna iya fitowa da ɗan datti a baya, wannan ragowar gari ne, zai tafi. Ki murza rubutun da yatsa, in bai goge ba fiyuza na aiki. In kuma akwai tabon da ke dawowa a layi ɗaya, ki auna tazarar da ke tsakaninsu da rula. A da yawa daga ƙananan injinan nan, tazarar kusan milimita 75 tana nuna duram ne, wato matsalar katirij ce, canza shi zai kawar da ita. In kuna da wani katirij ki gwada, tabon ya ci gaba duk da haka, to mai yiwuwa a fiyuza yake.

Game da gaba, wuta za a sake ɗaukewa, wannan kam ba sai an yi duba ba. Ranar da ta sake tafiya takarda na tsakiya, ki bar ta yadda take. In wuta ta dawo ko an tayar da janareta, injina da yawa suna ƙarasa fitar da lafiyayyar takarda da kansu. In bai yi ba, sai ki bi matakan nan tun takardar tana cikakkiya, wanda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kada ki ce za ki haɗa firintar da ƙaramin UPS na kwamfuta, fiyuza tana jan wutar da ta fi ƙarfinsa. Sauran abubuwan da ke kawo maƙalewa a shago kin san su: takardar da aka taɓa bugawa aka juya bayanta da fil ɗin sitafula a kusurwa, wanda shi ma yana yaga fim, rim ɗin da aka bari a buɗe da damina ya sha danshi, da takardun da ke mannewa juna da hunturu, waɗanda ke son a karkaɗa su kafin a zuba. In rolar ɗauka ta fara santsi tana kasa jan takarda, ki goge ta da ƙyalle mai ɗan danshin ruwa, ban da fetur, kananzir ko tina, don suna cinye roba.

Shi kuma Kawu, ki kira shi yau, kada ki jira jibi. Ki gaishe shi, ki ce wuta ta tafi takarda ta maƙale, kin ja ta yage, ga abin da kike shirin yi. Duk mai shagon buga takardu ya ga wannan sau ba adadi, kuma mai yiwuwa ya san halin injinsa, ya gaya miki ko yana da hannayen sakin matsi da inda suke. Ki tambaye shi lambar mai gyaran da ya saba da shi tun yanzu. In ta kai ga kiransa, ki faɗa masa samfurin injin kamar yadda aka rubuta a gabansa, ki ce yagaggiyar takarda ce a fiyuza kuma ba a sa ƙarfe ba, ki ajiye masa guntayen da kika ciro don ya san girman abin da zai nema.